Dutsen guga ya daina zafi: yadda ake auna waya da tamostat kafin a sayi komai

Dutsen guga na lantarki hanya ɗaya tak wuta take bi a cikinsa. Tana shiga ta ƙafar fulogi, ta ratsa fiyus, ta bi waya har zuwa gindin mariƙi, ta shiga tamostat, wato makunnin da ke ƙarƙashin abin murɗawa, daga nan ta ratsa wani ɗan fiyus na zafi, ta faɗa cikin kwayil ɗin da ke dumama tafin dutsen, sannan ta koma ta ɗaya silin wayar. Ko'ina hanyar ta yanke sakamakon ɗaya ne: dutse ya yi sanyi ƙalau. Shi ya sa kallon dutsen daga waje ba ya gaya maka komai, kuma shi ya sa da yawa suke yanke hukuncin cewa kwayil ya ƙone, su jefa shi bayan ƙofa su sayo sabo.

A gaskiya kwayil shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga. A dutsen zamani an binne shi cikin ƙarfen tafin, ba ya motsi, iska ba ta taɓa shi. Waya kuwa duk kaiwa da komowar hannun mai guga sai ta lanƙwashe a wuri guda, tamostat kuma yana buɗewa da rufewa a kan wuta mai ƙarfi duk tsawon aikin. Wanda ya fara da kwayil ya bar jaki yana dukan taiki. Tsarin da za mu bi shi ne a fara daga fulogi a shiga ciki mataki-mataki, kada a canja wani abu sai mita, wato 'yar na'urar awon lantarki ta hannu da ake kira malti-mita, ta nuna shi ne ya mutu.

Misalin da za mu riƙe har ƙarshe shi ne busasshen dutse, wanda ba a zuba masa ruwa, irin na teloli da masu wanki da guga. A jikinsa an rubuta 1000W da 220-240V, fuloginsa mai ƙafa uku ne. Ya ɗan jima yana ɗaukewa yana dawowa, sai an girgiza waya yake kamawa, yanzu kuma ya mutu gaba ɗaya, ko 'yar fitilarsa ba ta kawowa.

Kafin a kwance ko sukuru ɗaya

Ka fara da soket. Ka jona wani abu a wurin, ka kuma jona dutsen a wani soket na bango kai tsaye, ba ta doguwar waya mai soket da yawa ba. Cajar waya ba shaida ce mai kyau ba, domin abin da take ja bai taka kara ya karya ba, soket mai sako-sako zai iya ɗaukarta ya kasa ɗaukar dutse. Hita ko butar dafa ruwa sun fi dacewa da gwajin.

Sai ƙarfin wutar kanta. Zafin da dutse yake bayarwa ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi haka faɗuwa. Idan wutar da ya kamata ta zo 230 ta sauko zuwa 160, kamar yadda ake gani a wasu unguwanni da yamma, dutsen 1000W ba zai ba da ko rabin ƙarfinsa ba, wajen 480W ne kawai. Zai yi ɗumi, ba zai kwantar da shadda ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Haka ma ƙaramin janareta ko inbata da ƙarfinsa bai kai 1000W ba. Dutsen da ke ɗumi kaɗan a irin wannan hali ba ya bukatar mai gyara.

'Yar fitilar jikin dutsen ma tana da labari. A yawancin duwatsu an haɗa ta ne a bakin ƙafafun kwayil biyu, don haka ba ta kamawa sai wuta ta riga ta wuce waya da tamostat da fiyus na zafi. Idan tana ci amma tafin ya ƙi ɗumi, zargi ya koma kan kwayil ko mahaɗinsa. Idan ba ta ci, kamar a namu misalin, yankewar tana gabanin kwayil, kuma wannan albishir ne, domin duk abin da ke can mai arha ne.

Daga nan zuwa ƙarshen aiki fulogi a cire yake. Ba kashe makunnin soket ba, cire shi za ka yi ka ajiye shi a gabanka inda idonka ke ganinsa. Duk awon da ke tafe da batirin mita ake yin sa, babu inda ake bukatar wutar gida. Ka bar dutsen ya huce sarai, in mai tururi ne ka zubar da ruwan cikinsa.

Mita, da lambar da kake nema

Kayan aikin ba su da yawa: malti-mita, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, 'yar wuƙa ko reza, da guntun samfefa mai laushi. Tasta mai fitila, wadda kowa ke da ita a gida, ba ta isa ba. Ita abin da take nunawa kawai shi ne wuta ta iso wurin da ka taɓa. Idan silin da wuta ke komawa ta cikinsa ne ya tsinke, tasta za ta kama a ko'ina cikin dutsen, ka rantse komai lafiya, alhali hanya a yanke take. Ga kuma haɗarin buɗe dutse da wuta a jiki.

Ka sa baƙar igiyar mita a ramin COM, ja kuma a ramin da ke da alamar Ω, wato om, ma'aunin turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a hanya. Ka murɗa zuwa Ω, a kan 200 idan mitarka mai zaɓen mataki ce. Kafin ka taɓa komai ka dubi fuskarta: abin da take nunawa lokacin da tsinkaye biyun da ke bakin igiyoyin ba su haɗu ba, OL ko kuma 1 shi kaɗai a gefen hagu, shi ne alamar hanya a yanke. Sai ka haɗa bakin tsinkayen, za ka ga wata 'yar lamba kamar 0.3 ko 0.5. Wannan na igiyoyin mitar ne, ka riƙe shi a ka, domin duk waya mai lafiya kusan haka za ta nuna.

Yanzu lambar kwayil. Ana samun ta daga abin da aka rubuta a jikin dutsen. V shi ne ƙarfin wuta, a ɗauki 230, tsakiyar 220 da 240, P shi ne lambar da ke da W, R kuma shi ne om ɗin kwayil:

```
R = V × V ÷ P
230 × 230 ÷ 1000 = 52.9
```

Wato dutsenmu idan yana da lafiya zai nuna wajen om 53. Mai 1200W zai nuna wajen 44, mai tururi na 2000W kuma wajen 26. Ba sai ya zo cif ba, idan ka ga 49 ko 57 a madadin 53 babu laifi. Abin da kake nema shi ne bambanci tsakanin abu uku: lamba kusa da lissafinka, OL, ko kuma kusan sifiri.

A nan akwai tarkon da ke sa a yar da dutse mai rai. Mutane sun fi son sa mita a wurin da take ƙara idan hanya a haɗe take, saboda ba sai an duba fuska ba. To mita da yawa ba sa yin wannan ƙarar sai awon ya yi ƙasa da om 30 zuwa 50. Kwayil mai 53 zai yi shiru, a ce ya ƙone. Mai 26 kuma zai yi ƙara, wani ya ce ai waya ta haɗe. Ƙarar tana da amfani wajen auna waya da fiyus da tamostat, amma kwayil lamba ake karanta masa.

Awon farko daga ƙafafun fulogi ake yin sa, dutse yana rufe. Ka murɗa abin zafin zuwa ƙarshe, ka ɗora tsinkaye a kan gajerun ƙafafu biyu na ƙasa. Wannan awo ɗaya ya ratsa dukkan hanyar. Idan ya ba da 53, dutsen a haɗe yake a wannan lokacin, sai ka koma kan soket ko kuma ka nemi yankewar da ke zuwa tana tafiya. Idan ya ba da kusan sifiri, silin waya biyu sun haɗe a wani wuri, kada ka sake jona shi. Namu ya nuna OL.

Togaciya ɗaya: dutsen da ke kashe kansa idan an bar shi a ajiye yana da ɗan allon lantarki a mariƙi, kuma wannan allon ba ya haɗa hanya sai da wuta. Irinsa ba zai nuna lambar kwayil daga fulogi ba ko da lafiyarsa lau, dole sai an buɗe an auna kowane sashe daban.

Fulogi da fiyus

Fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda ake amfani da shi a Najeriya da Gana, yana da fiyus a ciki, na dutsen guga galibi 13A. A wanda ake kwancewa, sukuru ɗaya ne a tsakiya. A wanda aka narka da wayarsa, fiyus ɗin yana ƙarƙashin ɗan murfi tsakanin ƙafafu, bakin sukudireba ke ɗaga shi. Ciro shi ka ɗora tsinke a kowane kai. Mai rai zai nuna abin da igiyoyin mita suka nuna, matacce kuma OL. Fulogi mai ƙafa biyu masu zagaye, irin na Nijar da Kamaru da Cadi, ba shi da fiyus, sai a tsallake wannan mataki.

In ka tarar ya mutu, kada ka tsaya a canja shi. Dutsen 1000W abin da yake ja bai wuce amfiya 4 da 'yan kai ba, ba zai kashe fiyus na 13 haka kawai ba. Wani abu ne ya haɗe, kuma galibi a cikin waya yake. Naɗe fiyus da takardar sigari mai ƙyalli ko sa masa guntun waya ba gyara ba ne, cire mai gadi ne. Tunda fulogin yana buɗe, ka duba ko sukurun da ke danne silin waya sun saki, ko roba ta yi baƙi ta narke a gindin wata ƙafa. Mahaɗi mai sako-sako zafi yake yi, fulogin da ya fara narkewa kuwa canja shi ake yi.

A dutsenmu fiyus yana da rai, sukuru duk a ɗaure.

Waya

Ka buɗe murfin baya na dutsen, inda waya take shiga. Sau da yawa sukuru ɗaya ne ko biyu, wani lokaci a ɓoye ƙarƙashin ɗan murfin roba ko takardar suna. Idan ka cire waɗanda kake gani murfi ya ƙi ɗagawa, akwai wanda ba ka gani ba, kada ka ɓanɓare da ƙarfi. Da ya buɗe, ka ɗauki hoto da wayar hannunka kafin ka zare komai.

Za ka ga sili uku sun ƙare a wani ɗan mahaɗi. Ruwan ƙasa shi ne mai wuta, yana zuwa daga ƙafar da ke da fiyus, mai alamar L. Shuɗi shi ne na komowa, N. Mai ratsin kore da rawaya shi ne na ƙasa, wanda masu gyara ke kira at, daga doguwar ƙafa yake zuwa, a ɗaure shi da ƙarfen dutsen. A tsofaffin wayoyi launukan ja ne da baƙi da kore, bi da bi.

Kowane sili shi kaɗai za ka auna: tsinke ɗaya a ƙafar fulogi, ɗaya a ƙarshen silin cikin dutse. Ya kamata ka ga ƙasa da om 1. Amma awon da aka yi waya tana kwance shiru rabin awo ne. Silin ba ƙarfe ɗaya ba ne, tarin siraran zaren tagulla ne, kuma ɗaya bayan ɗaya suke karyewa a cikin roba ba tare da an ga komai daga waje ba. Ko bayan sun gama karyewa, bakunansu kan taɓa juna idan wayar ta kwanta ta wani ɓangare. Wannan ne dalilin da dutsenmu yake dawowa idan an girgiza shi, kuma duk dawowar tartsatsi ne a cikin robar.

Saboda haka ka matse tsinkayen a wurinsu, ko ka sa wani ya riƙe maka, kai kuma ka bi wayar da hannu biyu kana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan kana ɗan ja, idonka a kan mita. Ka daɗe a wuri biyu: daidai inda ta fito daga robar gindin mariƙi, da kuma bakin fulogi. Nan ne take yawan karyewa, musamman a gidan da ake nannaɗe waya a jikin dutse a ɗaure tamau, ko ake cire fulogi ta hanyar fizgar waya. Yatsa ma yana ji. Wurin da tagulla ya tsinke yakan yi laushi fiye da sauran, yana lanƙwashewa babu turjiya, wani lokaci zaren da aka saƙa a bayan wayar ya ɗan yi duhu a wurin.

A namu, shuɗi ya tsaya a 0.5 duk yadda aka juya shi, na ƙasa ma haka. Ruwan ƙasa kuwa OL yake nunawa, amma da aka tura wayar ciki ta wajen gindin mariƙi sai lamba ta bayyana, aka saki ta ɓace. An gano wurin.

Kafin ka bar waya, ka zare silin daga mahaɗinsu ka auna tsakanin ƙafafun fulogi bibbiyu, kana lanƙwasawa kamar ɗazu. Duk ya kamata su nuna OL. Wanda ya ba da lamba, roba ta narke a ciki sili ya taɓa ɗan'uwansa.

Idan karayar tana kusa da ƙarshe kuma sauran wayar tana da kyau, ba sai an sayi sabuwa ba. Ka yanke ta ka wuce wurin da kamar santimita 10 zuwa 15, ka zura ta cikin robar gindin tun kafin ka fere, domin bayan an ɗaure ba ta shiga. Ka fere bayan wayar a hankali kada reza ta shafi robar sili, ka murɗe zaren tagullar su haɗu, kada ko ɗaya ya leƙo waje. Silin ƙasa ka bar shi ya fi sauran tsawo kaɗan, don in wata rana aka fizgi waya ya zama shi ne na ƙarshen tsinkewa. Maƙalin da ke danne waya kuma a kan bayanta mai kauri zai danna, ba a kan sili ba.

Idan kuwa a tsakiya ta karye, ko robar ta bushe tana tsattsagewa, a canja ta gaba ɗaya. Ɗaurin tsakiya da salatif ba ya jure kaiwa da komowar guga. Ka nemi wayar dutsen guga ta asali, mai sili uku da saƙar zare a baya, wadda ke jure taɓa tafi mai zafi. Mai kaurin 0.75mm² ta ishi dutsen 1000W, amma na 2000W yana bukatar mai 1.0mm². Wayar rediyo ko ta fanka ba ta wannan aikin ba ce.

Bayan an gyara, aka maimaita awon fulogi. Da a ce ya nuna 53 ya tsaya, da aiki ya kusa ƙarewa. Sai ya nuna 61, aka taɓa abin murɗawa ya koma 75, ya sauko 55, ya yi OL, ya dawo. Waya ta warke, amma akwai wani mahaɗi a gaba da ba ya kamawa sosai.

Tamostat

Tun kafin ka kai gare shi kana iya sauraronsa. Dutse yana sanyi, ka murɗa abin zafin a hankali daga ƙasa zuwa sama, kunnenka kusa. Ya kamata ka ji ɗan ƙas a farkon tafiyar, ka sake jin sa idan ka dawo. Rashin wannan ƙarar yana nufin ɗayan biyu: ko tamostat ɗin ya maƙale, ko kuma robar abin murɗawar ta cinye tana juyawa ita kaɗai ba ta juya sandar da ke ƙarƙashinta. Na biyun yana faruwa fiye da yadda ake zato. Ka zare robar sama, ka murɗa sandar da filaya, in ka ji ƙas to roba kawai za a nema. Ka lura da inda alamarta take fuskanta kafin ka zare, don ta koma yadda take.

Domin ganinsa sai an raba gangar jikin da tafin, sukurun sukan kasance a baya, a hanci, da ƙarƙashin abin murɗawa. Za ka same shi a ɗaure a kan tafin da sukuru ɗaya: 'yan faya-fayan ƙarfe a jere, fararen zobba na tangaran sun raba su, da ƙafafu biyu da waya ke shiga. Fallen da ke ƙasa ƙarfe iri biyu ne aka manne. Da zafi ɗayan ya fi ɗayan miƙewa, sai fallen ya lanƙwashe, ya tura wani ɗan farin tsinke, tsinken ya raba wasu ƙwayoyi biyu masu kama da kan ƙusa waɗanda wuta ke bi ta cikinsu. In tafi ya huce fallen ya miƙe, ƙwayoyin su sake haɗuwa. Abin murɗawa yana ƙayyade ne kawai yawan lanƙwasar da ake bukata kafin su rabu. Ɗigon da ke jikinsa su ne na alamar guga da ke 'yar takardar jikin tufafi: ɗaya wajen digiri 110, biyu 150, uku 200.

Ka ɗora tsinkaye a ƙafafunsa biyu. Ba sai ka zare waya ba, tunda fulogi a cire yake babu wata hanyar da awon zai zagaya. A kashe ya nuna OL. Da ka murɗa ya yi ƙas, ya faɗo ƙasa da om 1, ya kuma tsaya a nan har ƙarshen murɗawa. In ya yi ƙas amma mita ta tsaya a OL, ko lamba tana rawa tsakanin 5 da 20 kamar namu, ƙwayoyin sun yi baƙi. In kuma ya nuna a haɗe ko da a kashe, ba ya rabuwa, to sun narke sun manne, wannan kuwa ya fi haɗari, domin irin dutsen ne da ke ta zafi ba tsayawa.

Om 10 a bakin ƙwaya ba ƙaramin abu ba ne. Da wutar da dutsen ke ja, wannan ɗan wurin da bai kai ƙwayar gero biyu ba zai riƙa fitar da zafin da ya haura 100W, ya ƙara ƙona kansa.

Baƙin da bai yi zurfi ba yana goguwa. Ka yanki siririn samfefa mai laushi, lamba 600 ko sama, ka ninka shi yadda ɓangarorin biyu za su yi kaushi. Ka murɗa zuwa kashe don ƙwayoyin su buɗe, ka zura shi tsakani, ka murɗa su rufe a kansa, ka ja shi waje a hankali. Sau kaɗan ya isa. Bayan nan ka bi da farar takarda mai tsabta haka nan har ta daina fitowa da baƙi, domin ɓurɓushin yashin da ya rage zai hana su haɗuwa. Kada ka sa mai, kada ka lanƙwasa faya-fayan da filaya wai don su ƙara matsewa, kuma kada ka taɓa ɗan sukurun da ke cikin tsakiyar sandar. Da shi aka saita zafin tun daga masana'anta, in ya goce ɗigo ɗaya zai iya ƙona leshi. Ka duba farin tsinken ma, dutsen da ya taɓa faɗuwa ƙasa yakan karya shi ko ya fitar da shi daga mazauninsa.

Ni dai a ganina gogewa sau ɗaya ake yi wa tamostat. Saman ƙwayoyin wani siririn rufi ne, in ya cinye ko ya yi rami, baƙin zai dawo ba da jimawa ba. Wanda ya yi rami, ko ya manne, ko fallensa ya yi tsatsa ya canja launi, a ciro shi a tafi da shi wurin masu sayar da kayan gyaran lantarki a nemo mai siffarsa da tsawon sandarsa, wanda lambar amfiyar jikinsa ba ta gaza ta tsohon ba. A tsallake shi a haɗa wuta kai tsaye kuwa, kamar yadda wasu ke yi don aiki ya tafi, babu abin da zai tsayar da zafin sai fiyus na zafi, in kuma babu shi ko ya gaza, tafin alminiyam yana iya narkewa a kan teburin guga.

A namu ƙwayoyin baƙi kawai suka yi, ba rami. Bayan gogewa ya nuna 0.4 ya tsaya cak, awon fulogi kuma ya zauna a 54.

Idan waya da tamostat duk sun fita

Saura abu biyu. Ka bi wayar da ta tashi daga tamostat ko daga mahaɗin baya zuwa kwayil, za ka ga wani wuri da aka sa wa farar riga mai jure zafi aka danne shi a jikin tafi. A ciki fiyus na zafi yake, ɗan ƙarfe mai tsini a kai ɗaya. Auna shi kamar fiyus ɗin fulogi. Ba ya dawowa in ya yanke, kuma yankewarsa tana nufin tafin ya taɓa wuce iyaka, don haka ka koma ka tabbatar tamostat yana rabuwa, in ba haka ba sabon ma zai bi shi. Lambar zafinsa da ta amfiya suna rubuce a jikinsa, irinsu za a saya. Matse shi ake yi da 'yan hannayen ƙarfe, ba a yi masa dalma, saboda zafin dalmar zai kashe shi tun kafin ya fara aiki, ita ma dalmar ba za ta jure zafin wurin ba.

Sai kwayil. Tsinke ɗaya a kowace ƙafarsa da ta leƙo daga tafi, ka kankare tsatsa tukuna don tsinken ya taɓa ƙarfe mai haske, domin sau da yawa mahaɗin ne ya ruɓe ba kwayil ba. Idan a kan ƙarfe mai tsabta ya nuna OL, yanzu ne kake da hujjar cewa ya ƙone. Tsofaffin duwatsu masu nauyi da ake kwance tafinsu suna da kwayil mai faɗi da ake cirewa a sa wani. Wanda aka binne cikin ƙarfe kuwa sai dai a canja tafin ɗungurungum, kuma a ƙaramin dutse kuɗin ba ya biya. Ka ciri wayar da tamostat ɗin ka ajiye.

Kafin a mayar da wuta

Awo biyu sun rage, kuma su ne na tsaron rai. Ka ɗora tsinke a doguwar ƙafar fulogi, ɗayan a kan ƙarfen tafi inda babu fenti ko rufi, kamar kan sukuru. Dole ya nuna ƙasa da om 1. Sannan ka kai mita matakin Ω mafi girma, abin zafi a ƙarshe, ka auna tsakanin kowace gajeriyar ƙafa da tafin. Nan OL kake so. Kada yatsunka su taɓa bakin tsinkayen biyu, in ba haka ba jikinka za ka auna. Duk lambar da ta fito tana nufin wuta tana zuba a jikin dutsen, irinsa ne ke jan mutum, kuma a gidan da soket ba shi da wayar ƙasa babu abin da zai kare mai guga. Malti-mita babban yoyo kawai take kamawa, don haka dutsen da aka taɓa jin yana ja, ko da ta nuna OL, a kai wa mai na'urar awon rufin waya.

Ka rufe dutsen gaba ɗaya, ka tabbatar babu silin da ya kwanta a kan tafi ko murfi ya danne. Ka tsayar da shi a kan dugaduginsa bisa siminti, nesa da tufafi, ka sa a ɗigo ɗaya, ka jona. Fitila za ta kama, cikin minti ɗaya ko biyu ka ji ƙas ta mutu, bayan ɗan lokaci ta dawo. Ka jira ka ga ta yi haka sau biyu ko uku, sannan ka ƙara zuwa ɗigo uku ka sake jira ta mutu a can ma. Idan minti biyar suka wuce tana ci a ɗigo ɗaya kuma tafin yana ta ƙara zafi, cire fulogi nan take, tamostat ɗin ba ya yankewa. Bayan minti goma na guga a kan tsohon tsumma, ka cire fulogin ka taɓa ƙafafunsa da gindin wayar: ɗan ɗumi ba komai, amma in sun yi zafin da ba ka iya riƙewa, akwai sukurun da bai ɗauru ba, ko kuma bakin soket ɗin ya saki.